Abin da Rinin p16 Ya Koya Mini Game da Sankarar Bakin Mahaifa

A aji an saba raba furotin masu kula da rabuwar ƙwayar halitta gida biyu: masu tura ƙwaya ta rabu, da masu tsayar da ita. Saikilin da abokan aikinsu CDK suna gidan farko, Rb da p53 da p16 suna na biyu. Daga nan sai ɗalibi ya yanke cewa a sankara 'yan gidan farko ne ke yawaita, 'yan gida na biyu kuma su ɓace. Wannan rabon zai ci maka jarrabawa, amma ba zai karanta maka gilashin da aka ɗora a madubin likita ba.

Lokacin da muke koyon aiki a ɗakin gwajin tsoka, an ɗora mana yankan bakin mahaifa a madubin likita, an rina shi da rinin da ke nuna p16. Gefen da ke lafiya fes yake, sai shuɗin cibiyoyin ƙwayoyi kawai. Wurin da ya lalace kuwa ya yi ruwan ƙasa sosai, cibiya da jikin ƙwaya duka, tun daga shimfiɗar ƙasa har ya hauro sama, babu yankewa. Malamarmu ta ce, "To, ga mai tsayarwa ya cika wuri maƙil, ƙwayoyin kuma ba su tsaya ba. Ku faɗa mini dalili." Amsar tana cikin shinge guda ɗaya, wanda ke ƙarshen zangon G1.

Ƙwayar ɗan Adam da ake reno a ɗakin gwaji takan kammala zagayen rabuwarta cikin kimanin awa 24. Kusan awa 11 tana G1 tana girma, awa 8 tana S tana kwafar DNA, awa 4 a G2, sannan rabuwar kanta, wato M, wajen awa ɗaya. Abin da ke tura ta daga zango zuwa zango shi ne CDK, waɗanda aikinsu liƙa fosfet a jikin wasu furotin. Yawan CDK ba ya canzawa sosai, amma ba sa taɓuka komai sai saikilin ya manne musu, shi kuwa saikilin hawa yake yi ya sauka. Tim Hunt ne ya fara ganin wannan hawa da saukar a 1982, a ƙwan wata halittar teku, kuma a 2001 shi da Paul Nurse da Leland Hartwell suka karɓi kyautar Nobel a kan wannan fanni.

A farkon G1, Rb yana riƙe da wani furotin mai suna E2F, wanda shi ne ke kunna ƙwayoyin gadon da ake buƙata don kwafar DNA. Muddin yana hannun Rb, ba a shiga S. Idan saƙon girma ya zo daga waje, sai ƙwaya ta ƙera saikilin D, ya haɗu da CDK4 ko CDK6, su fara liƙa wa Rb fosfet. Riƙon ya fara sassautawa, E2F kaɗan ya kuɓuce. Cikin abubuwan da yake kunnawa akwai saikilin E, wanda ke haɗuwa da CDK2 su ƙara wa Rb fosfet, E2F ya ƙara kuɓucewa, saikilin E ya ƙara yawa. Da zarar wannan ya kankama, ko an janye saƙon girman ƙwaya ba ta komawa baya. Shi kuwa p16 aikinsa ɗaya ne: ya kama CDK4 da CDK6 ya hana su taɓa Rb.

A lura da wannan, domin nan ne gaɓar. p16 ba ya tsayar da ƙwaya da kansa, ta hannun Rb yake bi.

Kusan duk sankarar bakin mahaifa daga ƙwayar cutar HPV take, kuma nau'i na 16 da na 18 su ke da kusan kashi 70 cikin 100. Wannan cuta ba ta da kayan kwafar DNA nata, da na ƙwayar da ta shiga take amfani, don haka dole ta tura ta cikin S. Tana ƙera furotin mai suna E7, wanda ke kama Rb ya sa a rushe shi. E2F ya saki jiki ke nan, ba sai an jira saikilin D ba. Ƙwayar da ta rasa Rb takan yi ta ƙera p16 babu ƙaƙƙautawa, amma wanda p16 zai kare ya riga ya tafi. Kamar direba ne yana ta danna birki da iya ƙarfinsa alhali igiyar birkin ta tsinke. Ruwan ƙasar da muka gani a gilashi shaidar dannawar ce, kuma shi ya sa masu gwajin tsoka suke ɗaukar sa alamar cewa E7 yana aiki.

Akwai shinge na biyu da ya kamata ya kama wannan ɓarna. Idan E2F ya yi yawa ba bisa ƙa'ida ba, ko DNA ta sami rauni, p53 yakan taru. A ƙwaya mai lafiya kullum ana ƙera shi, kullum kuma wani furotin mai suna MDM2 yana sa a rushe shi cikin mintuna, saboda haka ba ya yawa. In an daina rushe shi, sai ya kunna p21, wanda ke toshe CDK2 har a gama gyara, in kuma gyaran ya gagara ya sa ƙwayar ta kashe kanta. HPV ta tanadi wannan ma: furotin ɗinta E6 yana jan p53 zuwa ga rushewa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kusan rabin sankarorin ɗan Adam suna da lahani a ƙwayar gadon p53, amma a ta bakin mahaifa galibi ƙwayar gadon lafiyarta ƙalau. In ka karanta jerinta ba za ka ga aibi ba, furotin ɗin ne ba a barin sa ya daɗe.

Duk da haka faɗuwar shingayen biyu ba ita ce sankara ba tukuna. Yawancin masu kamuwa da HPV jikinsu yakan kore ta cikin shekara biyu. Inda ta zauna, sai kurakurai su yi ta taruwa a ƙwayoyin da ba mai tsayar da su, abin da kan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Wannan tazarar ce ke ba gwaji damar kama abin tun bai zama ciwo ba. Rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023 kuwa, shigar cutar yake tarewa tun farko.

Sanin wa ke gaban wa a wannan jeri yana ba ka damar hasashen magani. Falbosikilib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2015, yana toshe CDK4 da CDK6, wato aikin p16 yake yi. Yana amfani a sankarar mama mai dogaro da sinadarin estirojin, domin a can saikilin D ne ke turawa, kuma galibi Rb yana nan. A sankarar da ta rasa Rb, ba a sa ran zai yi wani tasiri, saboda dalilin da ya sa p16 ya kasa.

Rinin ma yana da iyakarsa, kuma nan ne sabon shiga ke rikicewa. Ƙwayoyin da suka tsufa suka daina rabuwa su ma sukan tara p16, a wurinsu kuma yana aikinsa yadda ya kamata. Don haka ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa nan da can ba hujja ba ne, wanda ya zo a jere daga shimfiɗar ƙasa ake nema. A gwajin ƙwayoyin da aka sharo daga bakin mahaifa, inda babu shimfiɗar da za a duba, akan haɗa shi da Ki-67, wanda sai a ƙwaya mai rabuwa ake ganin sa. A ƙa'ida bai kamata su haɗu a ƙwaya ɗaya ba. In aka ga jikin ƙwaya ruwan ƙasa saboda p16, cibiyarta kuma ja saboda Ki-67, ana rubuta sakamakon a matsayin wanda ya nuna alamar matsala, a tura matar a duba bakin mahaifar da na'urar haskawa.