MAE da RMSE: abin da gidajen Ames suka koya mini

Duk wanda ya fara koyon gina samfurin hasashen farashin gida, da wuya bai ci karo da bayanan garin Ames na jihar Iowa a Amurka ba. Dean De Cock ne ya tattara su ya fitar a 2011, gidaje 2,930 da aka sayar daga 2006 zuwa 2010, kuma daga cikinsu Kaggle, shafin gasar gina samfuran hasashe, ta ware 1,460 don horar da samfuri a gasarta. A kansu na yi aikin kwas ɗina, a nan kuma na gane cewa lambobi biyun da ake auna kuskuren samfuri da su, MAE da RMSE, ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

Lissafin ba shi da wuya. Ga kowane gida akwai tazara tsakanin farashin da aka sayar da shi da wanda samfuri ya hasasa. MAE tana tara waɗannan tazarori, ba ruwanta da ko sama aka yi ko ƙasa, ta raba da yawan gidajen. RMSE kuwa sai ta ninka kowace tazara da kanta tukuna, ta fitar da matsakaici, sannan ta ɗauki sikwaya rut don amsar ta dawo dala. Wannan ninkin shi ne tushen bambancin duka: kuskuren da ya fi wani sau goma, nauyinsa sau ɗari ne a wajen RMSE.

A ɗauki gidaje biyar da samfuri biyu. Na farko ya kauce da dala dubu 20 a kowane gida. MAE ɗinsa dubu 20 ce, RMSE ma dubu 20. Na biyu ya kauce da dubu 5 kacal a gidaje huɗu, amma a na biyar ya kauce da dubu 60. Jimillar kuskurensa dubu 80 ce, in an raba biyar MAE ta zama dubu 16, wato ya fi na farko. Sai a zo ga RMSE: 25 sau huɗu ya ba da 100, a ƙara 3,600 na gida na biyar, a raba biyar a sami 740, sikwaya rut ɗinsa kusan 27. Ga shi ya sha kaye. Samfuri biyu, gidaje ɗaya, amma kowace lamba da wanda ta ba nasara.

Wanne ya fi, to? Sai an san wanda zai yi aiki da hasashen. Shafin da ke nuna wa masu gida kimanin kuɗin gidansu zai fi son na biyu, domin mutum huɗu cikin biyar sun sami amsa ta kusa da gaskiya. Bankin da ke ba da rance ya riƙe gida jingina kuwa, gidan nan guda da aka zuzuta farashinsa da dubu 60 shi ne zai jawo masa asara, kuma ƙananan kurakurai huɗun ba za su biya shi ba. A wajensa RMSE ta fi faɗin gaskiya. Ni dai ban ƙara yarda da rahoton da ya ce wani samfuri ya fi wani ba tare da faɗin wa zai yi amfani da shi ba.

Darasin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne cewa zaɓin ba a wajen awo kawai yake tsayawa ba, yana shiga har cikin abin da samfurin ke koya. A ce a unguwa ɗaya akwai gidaje biyar da samfuri ba shi da abin bambanta su, farashinsu dubu 100, 110, 120, 130, sai wani katafare na dubu 540. Dole ya faɗi lamba guda gare su duka. In MAE ake son ragewa, amsar ita ce farashin da ke tsakiyar layi, dubu 120. In RMSE ce, amsar ita ce matsakaici, a haɗa a raba biyar, dubu 200, farashin da babu gida ko ɗaya kusa da shi. Wake ɗaya ya ɓata gari ke nan. LinearRegression na scikit-learn, ɗakin karatun Python na gina samfura, jimillar kurakuran da aka ninka da kansu yake ragewa, don haka matsakaici yake bi. Wanda ya horar da shi haka, sannan ya zo yana yanke masa hukunci da MAE, ya sa shi aiki ɗaya ne yana kuma tuhumar sa kan wani. A Ames abin a bayyane yake: a rukunin horarwa na Kaggle farashin tsakiya dala 163,000 ne, matsakaici kuma kusan 181,000, saboda 'yan manyan gidaje da suka kai har 755,000 suna jan sa sama.

Shi ya sa yanzu nake fitar da lambobin biyu tare, in duba yadda suke da juna.

```python
from sklearn.metrics import mean_absolute_error, root_mean_squared_error

mae = mean_absolute_error(y_test, pred)
rmse = root_mean_squared_error(y_test, pred)
print(rmse / mae)
```

RMSE ba ta taɓa kasa MAE, kuma ba sa daidaita sai in duk kurakuran girmansu ɗaya, kamar a samfurin farko. In kurakuran sun bazu irin bazuwar Gauss da aka saba, idan aka raba RMSE da MAE amsar takan zo wajen 1.25. A samfuri na biyu ta kai 1.7. Da na ga ta haura haka, ba na taɓa samfurin tukuna. Sai in jera kurakuran daga babba zuwa ƙarami, in karanta gidajen saman ɗaya bayan ɗaya.

A Ames, wanda yakan fito a sama shi ne wani gida a unguwar Edwards mai faɗin ƙafa 5,642 murabba'i, da aka sayar dala 160,000 kawai. Samfurin da ya koyi cewa faɗi yana tafiya da tsada zai ba shi kuɗi mai yawa ƙwarai. Amma in an duba SaleCondition, sashen da ke nuna irin cinikin, za a ga Partial, wato ba a gama ginin ba lokacin da aka yi masa ƙima ta ƙarshe. De Cock da kansa ya ba da shawarar a cire gidaje biyar da suka haura ƙafa 4,000, uku daga ciki irin wannan cinikin ne. Gida irin wannan, in ya faɗa rukunin gwaji RMSE za ta yi tsalle, in ya faɗa na horarwa ta sauka, alhali samfurin bai canza hali ba. MAE tana motsawa ita ma, amma kaɗan. Saboda haka RMSE da aka samu daga raba bayanan sau ɗaya zuwa rukunin horarwa da na gwaji ba abin dogaro ba ce, gara a raba bayanan kashi biyar ko goma a gwada kowane kashi, a ga yadda lambar ke yawo. Sai dai a kula, cire gida don cinikinsa ba na kasuwa ba ne daban yake da cire shi don ya ɓata maka lamba. Gidan 755,000 ciniki ne na gaske, kuma bankin nan zai haɗu da irinsa.

Akwai abin da MAE da RMSE suka yi tarayya a kai: dala suke ƙirgawa. Kuskuren dubu 20 a gidan dubu 100 kashi 20 cikin ɗari ne, a gidan dubu 500 kuwa kashi 4 ne, amma duka lambobin ɗaya suka ɗauke su. Don haka gasar Kaggle take lissafa RMSE a kan logaridim ɗin farashi, yadda mai ƙaramin gida da mai babba za su sami nauyi ɗaya. A can, maki 0.13 yana nufin kaucewar kusan kashi 13 cikin ɗari. Wanda ya horar da samfuri a kan np.log ya mayar da hasashen dala da np.exp, ya sani abin da ya dawo hannunsa ya fi kusa da farashin tsakiya, ba matsakaici ba. MAE ɗinsa a dala za ta iya yin kyau, amma in ya tara hasashen gidajen unguwa guda don sanin jimillar kuɗinsu, yawanci zai ga ta yi ƙasa da ta gaske.