Na duba, wallahi na duba

Ranar wata Lahadi ce a Tawa, ranar kasuwa, wajen ƙarfe biyar na marece. Na fito daga wata hanyar latarit ina so in tsallaka mararraba, babu danja, babu ɗan sanda. Na rage gudu zuwa kamar kilomita 20 a awa, na dubi hagu, na dubi dama, hanya fes. Ina saka hancin mota sai ƙarar birki. Ɗan kabu-kabu ne ya fito ta damana ɗauke da wata mata da buhun albasa. Ya kauce, moto ta zame cikin rairayi, suka zube. Allah ya tsare, gwiwa kawai ya kurje.

Ya tashi yana kakkaɓe wando, ya ce, "Haba Alhaji, ba ka gan ni ba?" Na ce wallahi na duba. Ban yi ƙarya ba, amma laifina ne, domin a mararrabar da babu alama, wanda ya fito ta dama shi ke da hanya.

Abin ya tsaya mini a rai har na kai shi wurin wani tsohon direba a tasha. Na ce, "Baba, ko idona ne ya fara lalacewa?" Ya yi dariya, ya shiga motata ya dafa ƙarfen da ke tsakanin gilashin gaba da ƙofa, wanda ke riƙe da rufi. Ya ce, "Yaro, ga wanda ya ɓoye maka shi." Sai na raina maganar, don ƙarfen bai wuce faɗin tafin hannu ba. Da na koma gida na sa ƙanena ya tura motonsa a fili ina zaune a kujerar direba. A taku talatin, da ya zo saitin ƙarfen dama da madubin da ke gindinsa, sai na neme shi na rasa.

Amma moto ai tafiya take, me ya hana ta fito daga bayan ƙarfen? Nan ne lissafin ya ba ni tsoro. Ina gudun 20, shi yana kamar 40. Lokacin da ya rage mini mita 15 in kai mararraba, shi saura mita 30. Da na rage mita 10, shi 20. Da na rage 5, shi 10. Tazarar tana raguwa, amma saitin da yake daga idona bai canza ba ko kaɗan. Tunda ya shiga bayan ƙarfen, tare muka yi ta matsowa yana ɓoye, sai a taƙin ƙarshe ya yi girman da ƙarfen ya kasa rufe shi. Kuma mai gudun 40 yana cin mita 11 a daƙiƙa guda, wato duka abin bai kai daƙiƙa uku ba. Mai keke ma haka yake ɓacewa, sai dai shi da yake ya fi mota jinkiri, ƙarfen hagu da ke kusa da fuskar direba ne ya fi haɗiye shi.

Tun daga ranar, kafin mararraba nakan taka birki sosai, ba shafawa ba. Da gudunka ya canza, saitin ya karye, wanda ke ɓoye ya fito fili. Sannan ba wuya kaɗai nake juyawa ba, nakan ranƙwafa gaba in komo baya, in leƙa ta gaban ƙarfen da ta bayansa. Matata ta ce na koma kamar ƙadangare. Na ce na ji.

Akwai kuma irin duban da muke yi. Idan ido ya share hanya da sauri, tsalle yake yi daga wuri zuwa wuri, abin da ke tsakani ba ya ganinsa. Babbar mota ba ta faɗawa cikin wannan giɓin, amma siririn abu kamar keke yana faɗawa, balle da marece in ƙura ta tashi kuma ba fitila. Yanzu nakan tsayar da ido kusa, sannan tsakiya, sannan can nesa, a kowane ɓangare, kuma sau biyu. Duban na biyu ne ke gaya mini gudun mutum, don ƙaramin abu kullum yana kama da mai nisa, mai tafiya a hankali.

Wanda har yanzu yake kusan kama ni shi ne kwanar dama. Kana rage gudu, moto ta kutso tsakaninka da bakin kwata. Sai in kunna sigina da wuri, in dubi madubi, in waiga ta kafaɗar dama kafin in murza sitiyari. Makon jiya a bakin kasuwa waigen nan ya nuna mini wani yaro a kan keke da jarka biyu na ruwa, dab da ƙofar baya, inda madubi bai nuna komai ba.