Mako shida da na daina haddar insha'in IELTS: inda na kwana

'Yan'uwa masu shirin jarrabawa, ga rahoton da na yi alkawari. Ga waɗanda ba su san labarin ba, ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, kuma hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya tana neman, a jarrabawar Turanci ta IELTS, maki 7 a sauraro da karatu da magana, da 6.5 a rubutu. Zaman farko na samu ukun nan, rubutu ya tsaya a 6. Rabin maki ne ya mayar da ni gida.

Kafin wancan zaman na shiga wani darasi na yamma, inda aka raba mana takarda shafi biyu: jimlar buɗewa, jimlar shiga sakin layi na biyu, ta uku, da ta rufewa, kowacce da gurbin da za ka cusa batun tambaya. Mu kuwa hadda ba baƙuwarmu ba ce. Tun muna sakandare muke haddace gaisuwar muhawara, shugaban zama, alƙalai, mai kula da lokaci, mu zuba ta ba gargada. Cikin kwana uku takardar ta zauna min a ka.

Mako na farko

Sakamakon jarrabawar ba ya zuwa da bayani, lamba kawai za ki gani. Don haka na ɗauki wata tambayar gwaji, na sa agogo minti 40, na rubuta yadda na saba, na kai wa wata yayata da ke koyar da Turanci. Tambayar, in na juya ta da Hausa, cewa take: wasu na ganin ɗora haraji a kan lemon kwalba mai sukari ita ce hanya mafi dacewa ta rage ƙiba, har ina kika yarda da wannan?

Yaya ta karanta, ta ɗauko jan biro, ta ce, "Duk jimlar da zan iya ɗauka in kai ta insha'in cunkoson motoci ba tare da na canja kalma ɗaya ba, zan soke ta." Ta fara da jimlata ta farko, wadda ke cewa a wannan zamani na ci gaba wannan batu ya zama abin zazzafar muhawara a tsakanin al'umma. Ta soke. Wadda ke cewa wannan insha'i zai duba ɓangarorin biyu kafin ya kai ga matsaya mai ma'ana, ita ma ta soke. Da ta gama muka ƙirga. Kalma 268 na rubuta, 97 sun tafi da jan biro, wasu 22 kuma kwafe su na yi kai tsaye daga tambayar. Abin da ya rage nawa na kaina bai kai 150 ba, alhali insha'in, wanda shi ne aiki na biyu cikin ayyuka biyu na ɓangaren rubutu, yana neman aƙalla 250.

Abin da ya fi ba ni kunya bai ma shafi ƙirga ba. Ta sa yatsa a kan wata doguwar jimla ta hadda, santala-santala ba kuskure ko ɗaya, sannan ta sauko kan wadda ke bin ta, tawa, mai kalma goma sha biyu da kuskure uku. Ta ce, "Ƙanwata, ko makaho ya shafa ya san ba hannu ɗaya ne ya yi ɗinkin nan ba." Mai duba takarda da ya karanta ɗaruruwan insha'i masu buɗewa iri ɗaya ba sai ya yi bincike ba.

Daren nan na zauna da ma'aunin makin da masu jarrabawar suka wallafa, wanda aka sabunta a 2023. Abu huɗu ake dubawa, kowanne da nauyi ɗaya: amsa tambaya, tsari da haɗin magana, yalwar kalmomi, da nahawu. Hadda tana da rauni a uku daga ciki. An rubuta cewa abin da aka kwafo daga tambaya ba a lissafa shi. A ɓangaren kalmomi, cusa haddatattun jimloli inda ba su dace ba yana cikin siffofin maki 4. A ɓangaren haɗin magana kuma, kalmomin haɗi da aka jera kamar inji, ko aka cika su da yawa, siffar maki 6 ce. Amsar da aka tabbatar haddatacciya ce gaba ɗaya kuwa, sifili take ci. Ni kowane sakin layi nawa da "na farko", "bugu da ƙari", "daɗin daɗawa" na Turanci yake farawa, ko da abin da ke biye ba ƙari ba ne a kan komai.

Mako na biyu da na uku

Na yar da takardar, na faɗa rami. Ba tare da ita ba nakan yi minti goma ina kallon farar takarda. Insha'i huɗu na yi, mafi tsawonsu kalma 221, biyu ba su da rufewa. Har na fara tunanin gara hadda da makinta 6.

Kuskurena shi ne na zubar da jimlolin tare da tsarin, alhali tsarin bai yi laifin komai ba. Sakin layi huɗu, buɗewa, jiki biyu, rufewa, ba wanda zai rage miki maki don kin bi shi. Abin da na yi sai na mayar da kowace haddatacciyar jimla ta zama tambayar da zan yi wa kaina. A buɗewa: me aka tambaye ni, kuma mene ne amsata? A kowane jiki: me nake iƙirari, ta wace hanya abin ke faruwa, a ina aka gani, kuma me ya haɗa shi da tambayar? A rufewa: amsar nan tawa, yaya zan faɗe ta yanzu da na kawo hujja? Tambayoyin ba sa canjawa, amma amsarsu ba ta yiwuwa sai da kalmomin batun da ke gabanki, don haka jan biron Yaya ba ya samun abin ci.

Mako na huɗu: na koma kan tambayar lemon kwalba

A nan na fi daɗewa, kuma a nan na ga ainihin abin da ya kayar da ni. Da na sake karanta tsohon insha'in, sai na tarar kalmar haraji sau ɗaya ta fito bayan buɗewa. Sauran duk motsa jiki ne, da wayar da kai, da rigakafi ya fi magani. Ashe wani insha'i ne da na taɓa shiryawa a kan kiwon lafiya, na ga kalmar ƙiba, na sauke shi gaba ɗaya. An tambaye ni hanyar Zariya na ba da kwatancen Katsina.

Wannan karon na ba shiri minti biyar. Na ja layi ƙarƙashin abu uku: haraji, mafi dacewa, rage ƙiba. Na tsakiyar shi ne tarkon. Ba a tambaye ni ko harajin yana da amfani ba, an tambaye ni ko ya fi sauran hanyoyi. Matsayina sai ya fito da kansa: yana aiki, amma bai isa a kira shi mafi dacewa ba.

Buɗewar jimla biyu ce kawai, kalma 41. Ta farko ta faɗi batun da kalmomina, ta biyu ta faɗi matsayina. Jiki na farko ya ɗauki yadda harajin ke aiki. Iƙirarin shi ne yana taɓa kamfani kafin ya taɓa mai saye. Misalin Birtaniya na kawo, wadda ta fara nata harajin a 2018 bisa yawan sukarin da ke cikin abin sha, har kamfanoni da dama suka rage sukarin don su kauce wa biya. Wato mutum na shan kwalbarsa yadda ya saba, sukarin da ke shiga jikinsa ya ragu. Jiki na biyu ya ɗauki iyakarsa. Lemon kwalba ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofin ƙiba, harajin bai shafi soye-soye ba, bai shafi zaman wuri ɗaya ba. Sannan in ya yi ƙanƙanta ba ya hana kowa: Najeriya ta sa naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021, wanda a kan kwalbar rabin lita naira biyar ke nan, mai saye ba zai ma lura ba. Rufewar ta maimaita matsayin a taƙaice. Kalma 274, minti 38. Yaya ta soke jimla ɗaya tak.

Ku lura ban ce wani bincike na wata babbar jami'a ya nuna kashi saba'in cikin ɗari ba. Wannan ma yana cikin takardar da aka raba mana, da gurbin sunan jami'a da gurbin lamba. Ba ya bayyana yadda komai ke faruwa, kuma zai shiga kowane insha'i, don haka shi ma abincin jan biro ne. In ba ki da misalin wata ƙasa, abin da kika gani a ɗakin masu ciwon sukari ya wadatar, tunda umarnin tambayar da kansa ya ce ki kawo misali daga saninki ko abin da kika taɓa gani.

Mako na biyar da na shida

Sai ga sabon tsarin nawa ya fara daskarewa shi ma. Na saba da jiki ɗaya na goyon baya, ɗaya na iyaka, har na ɗora shi a kan wata tambaya mai kai biyu: me ya sa matasa ke barin ƙauye zuwa birni, kuma me za a yi a kai? Na rubuta amfanin ƙaura da illarta. Ba wanda ya tambaye ni wannan, kuma rabin tambayar, wato mafita, ban taɓa shi ba. Barin wani ɓangare na tambaya ba a amsa ba yana jan makin amsa tambaya zuwa 5, komai kyan Turancin.

Yanzu kafin in raba jikin biyu sai na ƙirga abubuwan da aka nema. In ra'ayi biyu aka ce in tattauna in kuma faɗi nawa, abu uku ne, kowane ra'ayi da jikinsa, nawa kuma ya bayyana tun daga buɗewa. In dalili da mafita ne, jiki na farko dalilai, na biyu mafita, kuma kowace mafita ta kama wani dalili da na ambata. In na ce rashin aikin rani ne ke korar matasa, to mafitar ta zama noman rani, kada ta zama faɗakarwa a rediyo. In kuma an ce ko amfani ya rinjayi illa, dole in auna in ce wanne ya fi nauyi, jera su kawai bai amsa ba.

Akwai 'yan gajerun kalmomi da har yanzu nake maimaitawa a kusan kowane insha'i, irin su "a ganina" da "misali" da "a ƙarshe". Yaya ta ce in bar su, kalma biyu ko uku ne masu aiki, kowane marubuci yana da irinsu.

Insha'i goma sha tara ke nan cikin mako shida. Uku na ƙarshe sun faɗa tsakanin kalma 260 da 285, ba wanda ya wuce lokaci. Matsalar da ta fito fili yanzu nahawu ce, wadda da jimlolin hadda ke rufe min: ƙananan kalmomin nan da Turanci ke sawa gaban suna, da harafin jam'i da nake mantawa in ina sauri. A insha'in jiya Yaya ta zagaye guda goma sha ɗaya. Mako mai zuwa zan rage rubutu zuwa minti 30, in bar biyar na ƙarshe don farautarsu kaɗai, sannan ranar Asabar in gwada aiki na farko da na biyu a jere cikin awa ɗaya.