Hasken kwalbar man kaɗanya ya daina rawa

Jama'a, yau dai na samu daƙiƙa biyar masu tsabta daga manhajar AI mai haɗa bidiyo! Kwalbar man shafawar nan ta wata Hajiya mai haɗa man kaɗanya a Zoo Road ta fito ba tare da hasken ya yi ta kiftawa ba.

Kun san yadda abin yake yi. Bidiyon zai fara lafiya lau, a daƙiƙa ta uku sai gefen kwalbar ya yi haske, inuwar ta koma ɗaya ɓangaren, rubutun jikinta ya narke ya zama wasu haruffa da babu su a boko, babu su a ajami. Kuma ko ya lalace, an riga an zare maka kuɗin gwajin. Da na lissafa dalar a naira, sai da raina ya ɓaci.

Abin da na gano shi ne juyin kyamara ne ke jawo yawancin matsalar. In ka ce "orbit", wato kyamara ta zagaya kwalbar, manhajar ba ta taɓa ganin bayanta ba, dole ta ƙirƙiro shi. Kwalba kuma tana da sheƙi, duk motsi gefe sai an sake zana walƙiyar jikinta, nan hasken yake kuɓucewa. Kalmomi irin su "cinematic" da "glowing" ma ba sa taimakawa, don izini ne ka ba ta ta yi wasa da haske. "No flicker" kuwa a nawa gwajin bai hana komai ba. Gara ka faɗa mata abin da kake so ya kasance kai tsaye.

Sai na ɗauki hoton kwalbar da waya, a kan kwali mai ruwan toka, kusa da taga da hantsi. Farar kwalba a kan farin kwali ba ta da iyakar da manhajar za ta riƙe, shi ya sa na guji fari. Na ɗora hoton a matsayin farkon bidiyon, sannan na rubuta wannan kawai:

```
Slow dolly in, straight toward the bottle.
Bottle stays still. One soft light from
the left, constant brightness.
```

Ban sake kwatanta kwalbar ba, tunda hoton ya riga ya nuna ta. Motsi ɗaya, haske ɗaya daga hagu, daidai inda tagar take a hoton. Wannan daidaiton yana da muhimmanci: in rubutu ya ce hagu, hoto ya nuna dama, a tsakiyar bidiyon za ka ga hasken yana ƙaura.

Ƙananan rubutun ƙasan kwalbar har yanzu suna ɗan motsi in kyamara ta matso sosai, don haka na yanke ƙarshen a CapCut, lambar wayar Hajiya ma a can zan ɗora ta. Hajiya dai ta dage sai an ga hannu yana buɗe murfin. Na ce mata wannan da waya za mu ɗauka.