Barci ba aikatau ba ne

Ina koyar da Hausa a wata babbar sakandare a ƙasar Ringim, kuma shekara da shekaru abin da muke rera wa yara shi ne: suna kalma ce da ake kiran mutum ko dabba ko wuri ko abu da ita, aikatau kuwa kalma ce mai nuna aiki. Daga nan sai mu ɗora da cewa kowane harshe a duniya yana da su biyun. A zangon da ya wuce na ce da 'yan aji biyu mu gwada wannan magana da hannunmu, mu fara da harsunan da ke kusa da mu, sauran kuma na kawo musu daga abin da na karanta.

Da Hausa muka fara. Na ce kowa ya kawo kalmar aiki, ina rubutawa a allo. Aka kawo barci, dariya, magana, noma, tafi, sayi, ci. Sai na rubuta "ya" na bar fili a gabansa, na ce a riƙa saka su ɗaya bayan ɗaya. Ya tafi, ya sayi gero, ya ci, duk suka zauna daram. Da aka zo "ya barci" sai aji ya kwashe da dariya. Ba Bahaushen da ke faɗin haka, sai dai "ya yi barci", "ya yi dariya", "ya yi magana". Kalmomin nan aiki suke nunawa ƙarara, amma sai an kawo "yi" ya ɗauke su, kamar yadda "sayi" yake ɗaukar gero. Kuma duk abin da suna yake karɓa, su ma kalmomin nan suna karɓa: barcin yaro, dariyar yarinya, barci ne, dariya ce. Suna da jinsi, barci namiji, dariya mace. Da muka juya gwajin, wani yaro ya ce "tafin yaro", sai na kusa da shi ya tafa masa hannu, don wannan wani tafin ne daban. Sai an ce "tafiyar yaro", wato an mai da aikatau suna tukuna.

Akwai kuma waɗanda ba aikin komai a cikinsu amma sun shige filin lafiya lau: ya sani, ya fi, ya isa, ya dace, ya tsufa. Mutumin da ya tsufa bai ɗaga ko tsinke ba. Ashe ma'ana ba ita ke raba suna da aikatau ba. Mazaunin kalma a jimla, da abin da take yarda ya raɓe ta, su ne ke rabawa.

Wuri biyu gwajin ya so ya ruɗe mana. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ana cewa yana barci." Gaskiyarta. Amma ana cewa "yana kasuwa" da "yana gida", kuma ba mai ce wa kasuwa aikatau. "Yana" ƙofa ce mai faɗi, suna ma yana shiga, don haka ba ta da amfani a wannan gwaji. Na biyun shi ne "gudu": ana cewa "ya gudu", ana kuma cewa "gudun yaro". A takarda kamar kalma ɗaya ce mai zama ko'ina. Na sa su faɗi "ya gudu" da "yana gudu" a hankali, suka ji wasalin ƙarshe gajere ne a na farko, dogo a na biyu. Rubutunmu ne ba ya nuna tsawon wasali. Wannan ya zame mana gargaɗi daga baya, domin mai kallon harshe daga nesa yana iya cewa babu bambanci a inda mai harshen yake jin sa a kunne.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne malaman zaure sun riga mu wannan hanya. Na je gai da wani dattijo da ke karantar da nahawu a garin, na ba shi labarin abin da muke yi. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai Ajurumiyya ke nan." Haka ne kuwa. Littafin nan na Ibn Ajurrum, mutumin Fas da ya rasu a 1323, da alamomi yake gane kalma: suna yana karɓar tanwini da alif da lam da haruffan jarra, aikatau kuwa yana karɓar "ƙad" da "sin" da "saufa". Na ce, "Allah gafarta malam, to in aka zo Hausa da ba ta da tanwini fa?" Ya ce sai a nemo mata nata alamomin. A nan matsalar take: alamomin kowane harshe nasa ne, ba a aro.

Fulatanci ya ƙara nuna mana haka. Muna da yara daga rugagen da ke bayan gari, su suka zama malamai ranar. Suka ba mu "o wari", ya zo, da "o warataa", ba zai zo ba. Lokaci da korewa a wutsiyar aikatau suke. A Hausa kuwa "tafi" ba ya motsi, zagin aikatau ne ke ɗauke da lokaci: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Wanda ya kafa dokar cewa aikatau shi ne kalmar da ke sauya siga don nuna lokaci, ya kori "tafi" daga cikin aikatau ke nan. Shi kuma suna a Fulatanci rukuni-rukuni yake, "nagge" saniya, "na'i" shanu, "gorko" namiji, "worɓe" maza, amma ba ruwansa da rabon namiji da mace irin namu. "O" ɗin nan na "o wari" shi ne ya zo, shi ne ta zo. Da ma wani yaro ya rubuta a jerin abubuwan da ya ce kowane harshe yana da su cewa dole a bambanta shi da ita. Abokin zamansa a benci ɗaya ya rushe masa wannan magana.

Duk da haka, a harsunan nan uku suna da aikatau a rabe suke sarai. Gardamar masana a kan wasu harsuna take, kuma wanda aka fi kawowa shi ne Nutka, na mutanen tsibirin Vancouver a yammacin Kanada. A 1939 Morris Swadesh ya kawo jimloli biyu, ga su da haruffanmu gwargwadon hali. "Mamuuk-ma kuu'as-'i", mutumin yana aiki. "Kuu'as-ma mamuuk-'i", mai aikin mutum ne. "Mamuuk" aiki, "kuu'as" mutum. Ɗafin "-ma" shi ke nuna wannan kalma ita ce labarin da ake bayarwa, "-'i" kuma yana nuna wanda ake magana a kansa, kusan kamar "-n" na "mutumin". Kalmomin biyu sun yi musayar wuri da ɗafi ba tare da an ƙara musu komai ba. A Hausa sai mun kawo "mai" da "ne" kafin mu iya wannan juyi. Da a ce Hausa haka take, da "ya mutum" jimla ce cikakkiya. Saboda irin wannan aka daɗe ana cewa Nutka ba ta raba suna da aikatau ba, aka kuma faɗi haka a kan harsunan Salish da ke maƙwabtaka da ita, da Tagalog na Filifin.

Yara suka ce shi ke nan, doka ta faɗi. Na ce su dakata. A 1979 William Jacobsen ya sake duba Nutka da 'yan'uwanta, ya nuna cewa kalma irin "kuu'as" tana iya zama wanda ake magana a kansa ko babu "-'i", amma irin "mamuuk" ba ta iyawa sai da shi. Bambancin siriri ne, amma yana nan, kamar dai wasalin "gudu". Har yau akwai masu ganin wasu harsuna ba su da rabon, amma ni inda na tsaya shi ne: in aka tona harshe sosai, yawanci akan tarar kalmomin mutum da dutse da kare sun taru gefe ɗaya, na ci da kashe da karya sun taru ɗaya gefen. Abin da ke sauyawa shi ne kaurin katangar, da gefen da kalma irin barci take faɗawa.

Daga nan muka shiga tambayar me ya cancanci a ce kowane harshe yana da shi. Mutumin da ya buɗe wannan fage ba baƙon ƙasar nan ba ne. Joseph Greenberg ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 yana bincike, ya kuma iya Hausa. A 1963 ya fitar da dokoki 45 da ya tsamo daga harsuna 30, cikinsu har da Fulatanci da Yarbanci da Sanwai. Da na karanto wa yara wasu daga ciki, sai suka lura yawancinsu ba su ce "kowane harshe yana da kaza" ba. Cewa suke "in harshe yana da kaza, to yana da kaza". Misali: ba harshen da ke da sigar abu biyu sai yana da jam'i. Larabci yana da kitabun, kitabani, kutubun, ya cika sharaɗi. Hausa tana da littafi da littattafai kawai, ba ta karya doka ba, don dokar ba ta ce dole a sami sigar biyu ba. Abin da zai karya ta shi ne a sami harshe mai sigar biyu amma babu jam'i. Na fi ganin ƙarfin irin wannan doka, domin ta faɗi ainihin abin da zai ƙaryata ta.

Wasu dokokin kuma rinjaye ne kawai, kuma Greenberg da kansa ya sa "kusan kullum" a cikinsu. Ta farko ta ce mai aikatawa yakan riga abin da aka aikata wa zuwa a jimla, kamar "Audu ya ci tuwo". A 1977 Desmond Derbyshire ya bayyana Hishkaryana, harshen wasu mutane 'yan kaɗan a dajin Amazon na Barazil, inda ake cewa "toto yonoye kamara". Kalma bayan kalma: mutum, ci, damisa. Amma damisar ce ta ci mutumin. Harsuna 30 daga cikin wajen 7,000 ba za su nuna maka irin wannan ba, kuma da yawa daga cikin dubban nan ba a ma rubuta nahawunsu cikakke ba.

A ƙarshen zango abin da ya rage ba a soke ba a jerin yaran kaɗan ne: kowane harshe yana da hanyar yin tambaya, da hanyar korewa, da baƙi da wasali. Na ƙarshen ma sai da aka gyara shi. Wani yaro da ƙanensa kurma ne ya tashi ya nuna mana yadda suke hira a gida da maganar hannu, ya yi tambaya da hannu da fuska, ya kore magana, ba baƙi ba wasali. Muka ƙara "da ake furtawa da baki" a gaban wannan layi, sauran biyun muka bar su yadda suke.