Fis ɗin 11kV ba shi ne mai gadin lodi ba

Abin da aiki ya koya mini game da fis ɗin saman taransifoma shi ne, mutane suna ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

A ɗauki taransifoma mai 300kVA, 11kV zuwa 415V, irin wadda ta cika unguwanninmu. Cikakken lodinta a ɓangaren 11kV bai kai amfiya 16 ba. Sai mutum ya ce ai fis 15K, wato mai amfiya 15 na nau'in K mai saurin narkewa, ya dace. To amma da zarar an maido da wuta, taransifoma kan fizgi ninki 12 na lodinta na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato kusan amfiya 190. Fis 15K zai iya jure wannan da kyar. Inda yake faɗuwa shi ne abin da ke biyo baya. Bayan doguwar ɗaukewar wuta, firji da famfon burtsatse da injin markaɗe duk tare suke tashi, don haka ake lissafa ninki uku na lodinta na daƙiƙa goma. Amfiya 47 ke nan, alhali 15K na iya narkewa ƙasa da 40 a wannan tsakanin. Shi ya sa idan fis yana zubowa jim kaɗan bayan NEPA ta kawo wuta, ba tare da wata ƙara ko ƙauri ba, girmansa nake fara dubawa. Ni dai 25K nake zaɓa.

Sai dai 25K ba ya narkewa sai wuta ta kai wajen amfiya 50 ta yi minti biyar a haka. Kafin nan taransifoma ta sha lodi ninki uku, mai ya yi zafi, takardar da ke naɗe da wayoyin ciki ta fara gasuwa. Kare ta daga lodi aikin fis ɗin fida-fila ne, wato akwatin da ke rarraba wuta a ɓangaren 415V, inda cikakken lodi yake amfiya 417. Idan an cusa waya a madadin fis a can, babu fis ɗin sama da zai cece ta.

Su kuma waɗanda suka gaji da hawa turke, sai su ɗaura 40K ko ma zaren tagulla, a huta. Duba farantin jikin taransifomar: idan turjiyarta kashi 5 cikin ɗari ce, ko layukan 415V uku sun haɗe a bakinta, abin da ɓangaren 11kV zai gani bai wuce amfiya 315 ba. Idan kuwa layi ɗaya ne ya taɓa ƙasa, a taransifoma mai irin haɗin wayoyin ciki da ake kira Dyn11 kashi 58 cikin ɗari kawai ke bayyana a sama, kusan amfiya 180. Shi 40K sai ya ga 565 yake narkewa cikin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ita kuma taransifoma daƙiƙa biyu aka ƙera ta ta jure irin wannan gajeriyar haɗuwa. Zaren tagulla kuwa babu wanda ya san inda zai tsinke, sau da yawa bireka ce ke faɗuwa a tasha ta jefa layin gaba ɗaya cikin duhu.