Akwatin kwali mara murfi da tarkon x = 6

Har yanzu abin yana ci mini rai. Ƙanena da ke ajin Terminal a wata lise a nan Maradi ya turo mini hoton takardar jarrabawar gwajinsu ta WhatsApp, malam ya zabga mata jan biro. "Yaya, ka duba mini, deribe ɗina fa daidai take." Kuma gaskiyarsa, daidai take.

Hoton ya ɗan karkace, sai da na buɗa shi da yatsu biyu kafin na tabbatar 8 ne ba 3 ba. Kwali ne mai tsawon santimeta 15 da faɗin 8. A yanke murabba'i mai gefe x a kowace kusurwa, a naɗo gefunan sama, a samu akwati mara murfi. Wane x ne zai sa akwatin ya fi ɗaukar kaya?

Tsayinsa x ne, gindinsa kuma ya ragu ta ɓangarori biyu, don haka yawan abin da akwatin zai ɗauka shi ne V(x) = x(15 − 2x)(8 − 2x). Deribe, mai nuna gangarar V, ta ba da 12x² − 92x + 120, wato 4(3x − 5)(x − 6). Duk wannan yaron ya yi shi tsaf. Da ya daidaita deribe da sifiri, amsoshi biyu suka fito, 5/3 da 6, sai ya ɗauki 6 don cikakkiyar lamba ce, wai ta fi kama da amsar jarrabawa.

Shida! A kwali mai faɗin 8! In ka cire 6 a dama da 6 a hagu, ka yanke 12 ke nan daga 8. Da ya mayar da ita cikin V, da ya ga 6 × 3 × (−4) = −72, ya gane akwai matsala. Layi ɗaya ne bai rubuta ba tun farko: 0 < x < 4. Gefen da ya fi gajarta shi ke yanke wannan iyaka, deribe kuwa ba ta san da kwali ba, duk inda gangara ta kwanta za ta nuna maka.

Da ya zo gida na sa ya yanko kwalin sukari daidai awon, na miƙa masa almakashi na ce ya fitar mini da shidan. Ya juya kwalin, ya sake juyawa, ya ajiye.

Muka koma kan 5/3, kusan santimeta 1,67. Kafin nan deribe tana sama da sifiri, bayan nan tana ƙasa, ashe nan ne ƙololuwa. V ya kai 2450/27, kimanin 90,7. Muka gwada maƙwabtansa: x = 1 ya ba da 78, x = 2 ya ba da 88.

Ya tambaye ni ko ba za a raba gefe gida shida kawai ba, kamar yadda abokansa suka haddace. Wannan sai kwalin da gefunansa huɗu suke daidai. Na ce masa daga yanzu har ranar BAK, duk hoton da zai turo mini in babu layin iyakar x a samansa, ba zan karanta sauran ba.